Me ya sa kasuwannin intanet ke ƙin karɓar babban hoton kaya? Fashin baƙi kan farin bango, yawan fiksel da yanke gefe

Me ya sa hoton da ya yi kyau a waya, wanda aka ɗora a WhatsApp har masu saye suka kira, idan aka kai shi Jumia ko wata kasuwar intanet sai a dawo da shi a ce bai cika ƙa'ida ba? Wannan tambaya tana yawo a bakin matasan 'yan kasuwa a Bauchi, daga masu huluna da takalma a Kasuwar Wunti zuwa matan da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin gida. Amsar da aka fi ji ita ce wayar ce ba ta da ƙarfi, sai an sayi babba. Wasu kuma suna zargin cewa ana fifita manyan shaguna ne kawai.

A ganina yawancin hotunan da ake dawowa da su ba laifin waya ba ne. Wayar da ke aljihun mai shago ta wadatar. Matsalar tana faruwa ne a wuri biyu: lokacin ɗaukar hoton, da kuma hanyar da hoton ya bi kafin ya isa shafin kasuwar. Ƙa'idojin nan uku da ake yawan ambata, wato farin bango da yawan fiksel da yanke gefe, a sarƙe suke da juna, kuma wanda ya gyara ɗaya bai lura da sauran ba yakan ɓata su da hannunsa.

Mene ne babban hoto, kuma wa ke tantance shi?

Kowane kaya da aka saka a kasuwar intanet yana iya samun hotuna da yawa, amma ɗaya ne ke fitowa a jerin kaya idan mai saye ya yi bincike. Shi ne babban hoto. Sauran hotunan sai an shiga shafin kayan ake ganinsu, kuma an fi sassauta musu: a cikinsu mutum zai iya nuna hula a kan mai ita, ko ya nuna ɗinki kusa-kusa. Tsananin yana kan na farkon ne, domin shi ne zai zauna kafaɗa da kafaɗa da hotunan wasu 'yan kasuwa a fuska ɗaya.

Tantancewar hawa biyu ce, kuma sanin wannan yana taimakawa wajen gano inda matsala take. Hawa na farko shafin ne da kansa ke auna hoton a daidai lokacin da ake ɗora shi: faɗinsa da tsawonsa, nauyinsa, da irin fayil ɗin. Idan hoto ya ƙi hawa nan take, to ɗaya daga cikin waɗannan ukun ne. Hawa na biyu shi ne duba abin da ke cikin hoton: bangon fari ne, akwai rubutu, kayan ya fito gaba ɗaya, ya dace da sunan da aka rubuta. Wannan yakan zo daga baya. Saboda haka idan hoto ya hau lafiya, sannan bayan wani lokaci aka ga an ƙi amincewa da kayan, kada a tsaya ana sauya girman fayil. A koma a dubi abin da ke cikin hoton.

Kowace kasuwa da nata alƙaluman. Shafin masu sayarwa na Jumia yana neman hoto tsakanin fiksel 500 sau 500 zuwa 2000 sau 2000, nauyinsa kada ya wuce megabait 2, a kan farin bango, ba tare da tambari ba. Amazon ta fi kowa fayyacewa: bango fari tas, kaya ya cika kashi 85 cikin 100 na hoton, ɓangare mafi tsawo ya kai aƙalla fiksel 1000 idan ana son mai saye ya iya zuƙo hoton, ta kuma fi son 1600 ko sama da haka. Ita ma eBay mafi ƙarancin da take karɓa shi ne fiksel 500 a ɓangare mafi tsawo. Kamfanonin sukan sabunta waɗannan lambobi, don haka abin da ke rubuce a wurin ɗora hoto a ranar shi ne abin bi. Amma wanda ya shirya hotonsa murabba'i, fiksel 1600 zuwa 2000 a kowane gefe, bango fari, ya cika sharaɗin girma na dukkan ukun a lokaci guda.

Fiksel: abin da ake ƙirgawa da abin da ba a ƙirgawa

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi da aka jera layi-layi, kowane ɗigo shi ne fiksel. Idan an ce hoto 4000 ne sau 3000, ana nufin ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye, jimilla miliyan 12. Shi ne megafiksel 12 da ake rubutawa a kwalin waya. Wayoyin da ake tallatawa da megafiksel 48 ko 50 ma, a yadda suke zuwa, sukan haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, su fitar da hoto na kusan megafiksel 12. Ke nan kusan duk wata Tecno ko Infinix ko Samsung ta 'yan shekarun nan tana ba da hoto wanda ya ninka mafi ƙarancin da Jumia ke nema sau shida a gajeren gefensa. Shi ya sa na ce ba waya ba ce.

Akwai abubuwa biyu da ake rikitawa da yawan fiksel. Na farko nauyin fayil, wato kilobait da megabait. Hoto yana iya zama 2000 sau 2000 amma nauyinsa kilobait 600 kawai, wani mai girma ɗaya ya kai megabait 4, ya danganta da yadda aka matse shi. Sharuɗɗa biyu ne daban, kowanne sai an duba shi. Na biyu shi ne DPI, lambar da masu aikin ɗab'i suka saba da ita. Wannan ta shafi bugawa a takarda ce. Mai shagon buga katin biki zai iya ce maka ya mayar da hotonka 300 DPI, amma idan adadin ɗigon bai ƙaru ba, a wurin shafin intanet babu abin da ya sauya.

Duba girman hoto ba shi da wahala. A buɗe shi a ma'ajiyar hotuna ta waya, a danna Details ko Info, za a ga lambobi biyu da alamar sau a tsakaninsu, da nauyin fayil a kusa. Ya kamata wannan ya zama ɗabi'a kafin kowace ɗorawa.

To ina fiksel ɗin ke zubewa? Babbar kafa ita ce WhatsApp. Idan aka aika hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana rage shi domin ya yi saurin tafiya, yawanci zuwa kusan fiksel 1600 a ɓangare mafi tsawo. A 2023 ta ƙara maɓallin HD wanda ke barin hoton da girma sosai, amma shi ma yana matse shi. Hanyar da ke kai hoto yadda yake ita ce a aika shi a matsayin Document. Kafa ta biyu ita ce ɗaukar hoton fuskar waya. Waya mai araha da yawa fuskarta 720 ce sau 1600, saboda haka duk abin da aka kwafo ta wannan hanya faɗinsa ba zai wuce fiksel 720 ba, kome kyan asalin hoton. Kafa ta uku kuwa ita ce yanke gefe, kuma ita ce mutane suka fi rashin lura da ita.

Lissafin hula guda ɗaya

Mu ɗauki misalin mai sayar da huluna a Wunti da ke son saka hula zanna a kasuwar intanet. Ya ajiye hular a kan teburin shago, ya tsaya a tsaye daga nesa, ya ɗauka. Hoton ya fito 4000 sau 3000. Amma a cikinsa akwai tebur, akwai jerin wasu huluna, akwai ƙafar kujera. Ita hular kanta faɗinta a cikin hoton fiksel 900 ne kacal, ƙasa da rubu'in faɗin hoton.

Ya tura wa ƙaninsa da ke karatu a Yelwa ta WhatsApp, domin shi ya iya harkar ɗorawa. Hoton ya isa yana 1600 sau 1200. Komai na cikinsa ya ragu zuwa kashi 40 cikin 100 na girmansa na da, don haka hular da take 900 ta koma 360. Har yanzu a ido hoton lafiya lau yake, kuma da a haka za a ɗora shi zai cika sharaɗin girma. Sai dai ba za a karɓe shi da tebur da kujera ba, dole a yanke gefe har hular ta cika hoton.

Ga lissafin. Idan ana son hular ta cika kashi 85 cikin 100 na faɗin, sai a raba faɗinta da 0.85. Fiksel 360 a raba da 0.85 ya ba da kusan 424. Hoton da ya rage ke nan 424 sau 424, bai kai 500 ba. Shafin zai ƙi shi nan take, ƙanin kuma ya kira ya ce, «Yaya, kyamarar wayarka ce ba ta da kyau.» Alhali da a matsayin Document aka turo asalin hoton, 900 a raba da 0.85 zai ba da kusan 1059, wanda ya haye 500 da nisa, ya ma ɗan haye 1000.

A nan ne jarabar ƙara girma ke shigowa. Akwai manhajoji da za su miƙe hoton nan mai 424 ya koma 1000 sau 1000, kuma zai wuce awon farko, tunda shafin lamba yake karantawa. Amma ɗigon da aka ƙara ba daga hular suka fito ba, ƙiyasi ne daga na kusa da su. Zaren ɗinkin da ya kamata ya fito ɗaya-ɗaya zai narke ya zama dishi-dishi. Ko dai a ƙi shi a hawa na biyu saboda rashin fitowa sarai, ko ya wuce ya zauna kusa da hotunan wasu yana korar masu saye. Mai sayen hula ɗinki yake dubawa, shi ne ke bambanta ta hannu da ta inji, kuma shi ne abin da wannan dabara ke fara kashewa. Tela ba ya fitar da babbar riga daga yadi biyu, kome gwanintarsa.

Gyaran na gaskiya shi ne a sake ɗauka. A matso har hular ta cika fiye da rabin faɗin fuskar kyamara, a ce fiksel 2200 cikin 4000. A raba da 0.85, an samu kusan 2588. Wannan murabba'in yana shiga cikin hoton, tunda gajeren gefen 3000 ne. Bayan an yanke sai a rage shi zuwa 2000 sau 2000. Yanzu hular tana da faɗin fiksel 1700, da sarari fari na fiksel 150 a dama da 150 a hagu. A adana shi a matsayin JPEG, ingancin matsewa wajen 85 zuwa 90, galibi zai sauka ƙasa da megabait 2, musamman da yake farin bango ba ya cin wuri sosai. Rage hoto mai girma ba ya cutar da shi. Ƙara ƙarami ne ke ɓata shi.

Matsowar ma tana da iyaka. Kyamarar waya mai faɗin gani ce, idan aka kai ta dab da kaya sai ɓangaren da ya fi kusa ya kumbura, hula ta yi kamar bakinta ya fi samanta faɗi fiye da yadda take.  Zuƙowa da yatsu biyu kuwa, a wayar da ba ta da gilashi na musamman na hango nesa, yanke gefe ne kawai da wayar ke yi tun kafin a ɗauka, ba ya ƙara komai. Ƙafa ce za ta matsa. Sannan a taɓa kan hular a fuskar waya domin kyamara ta daidaita ganinta a kanta, a kuma goge gilashin kyamarar tukuna. A lokacin hunturu a Bauchi ƙura kan kwanta a kai ba tare da an lura ba, hoto ya fito da hazo wanda ba wani gyara da zai cire shi.

Fari a ido daban, fari a lamba daban

Wannan ne sharaɗin da ya fi ba mutane haushi, domin mutum ya san a kan farin ƙyalle ko farar takarda ya ɗora kayansa, amma a ce masa bangon ba fari ba ne. A cikin hoto kowane ɗigo yana da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Baƙi ƙirin shi ne 0, 0, 0. Fari tas shi ne 255, 255, 255, kuma shi ne ainihin abin da Amazon ta rubuta a ƙa'idarta. Shafukan kasuwannin su kansu fari ne, don haka idan bangon hotonka ya tsaya a 210 ko 220, kayan zai fito a cikin wani akwati mai ruwan toka a tsakiyar farin shafi.

Dalilin da ya sa farar takarda ke fitowa ruwan toka yana cikin yadda kyamara ke auna haske. An gina ta ne ta ɗauka cewa abin da ke gabanta matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan ta ga fari ya cika fuska sai ta zaci haske ne ya yi yawa, ta rage. Maganinsa yana cikin wayar: bayan an taɓa kan kayan, wata alamar rana takan fito a gefe, sai a ja ta sama kaɗan. Wayar da ke da Pro a cikin kyamararta tana da EV, wato madaidaitar haske, a ɗaga shi zuwa wajen +0.7 ko +1. A riƙa kallon kayan yayin da ake ɗagawa, da zarar launinsa ya fara kodewa an wuce wuri.

Launin hasken ma yana shiga. Rumfar da aka rufe da shuɗin tamfol tana zuba shuɗi a kan komai, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana mayar da farar takarda kamar ta tsufa. Idon mutum yana gyara wannan da kansa shi ya sa ba ya gani, amma yana nan a lamba. Rana tsaka kuma tana jefa inuwa baƙa mai kaifi a ƙarƙashin kaya. Wuri mafi dacewa shi ne inuwa mai haske: bakin ƙofar shago ko barandar gida, da hantsi ko bayan la'asar, inda hasken sama ke shigowa amma rana ba ta dukan kayan kai-tsaye. A kashe fitilar kyamara, a kashe ƙwan ɗaki, kada haske iri biyu su gauraya.

Shimfiɗar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Babban farin kwali irin wanda 'yan makaranta ke saye a shagon littattafai ya isa. A manna samansa a jikin bango, a bar ƙasansa ya sauko ya kwanta a kan tebur a lanƙwashe, ba tare da an karya shi ba. Wannan lanƙwasar ce ke ɓatar da layin da ke tsakanin tebur da bango. A ajiye kayan ɗan nesa da bangon domin inuwarsa kada ta hau. Kwali na biyu a tsayar da shi a gefen da ya fi duhu, zai mayar da haske ya tausasa inuwar. Na fi son kwali a kan ƙyalle, domin ƙyalle yana da tamoji da saƙa, kuma duk suna fitowa.

Ko da an yi wannan duka, da wuya bango ya kai 255 cif daga kyamara. Sauran aikin na gyara ne, ko dai a ƙara hasken wuraren da suka riga suka yi fari kawai, ko a yi amfani da manhajar cire bango a sa fari a madadinsa. Manhajojin nan suna aiki sosai a kan abu mai santsin gefe kamar takalmi ko kwalin sabulu. Suna tuntuɓe a kan gezar gyale, da igiyar jaka, da kwalbar humra da ake hango bayanta ta cikin gilashi. A zuƙo hoton a bi gefen kayan da ido: idan akwai wani siririn layi mai launin tsohon bangon, ko an cinye wani yanki na kayan, ba a gama ba. Kuma hoton da tun farko a kan farin kwali aka ɗauke shi ya fi sauƙin cirewa nesa ba kusa ba, tunda jar darduma takan bar ja a ƙasan kayan ko bayan an cire ta.

Wani tarko kuma: manhajar takan ba da fayil na PNG wanda bayansa babu komai, ba fari ba ne, fanko ne. A waya yana iya bayyana kamar fari, amma wani shafin idan ya juya shi sai fankon ya koma baƙi. A tabbatar an zuba farin bango na gaske, sannan a adana a JPEG.

Farin kaya a kan farin bango shi ne mafi wuya, kuma a nan masu farar shadda da farar hula suke da uzuri na gaskiya. Idan aka ɗaga haske har bango ya kai 255, gefen shaddar yakan narke a cikinsa. Dabarar masu ɗaukar hoto ita ce a bar kayan ya ɗan fi bangon duhu, a kuma ajiye wani abu baƙi, kamar baƙin kwali, a dama da hagu inda kyamara ba ta gani. Baƙin yana shanye haske a gefen kayan, ya fitar da siririyar inuwa da ke raba shi da bango. Ita shadda kuma sai an karkata ta ga haske kaɗan kafin zanenta ya bayyana.

Yanke gefe, da abin da bai kamata ya shiga ba

Hoton waya mai kusurwa huɗu ne mai tsawo, kasuwanni kuma sun fi son murabba'i. A wurin yankewa a zaɓi 1:1. Kaya dogo kamar kwalbar turare ba zai taɓa cika faɗin murabba'i ba, kuma ba a bukatar haka. Tsawonsa ne zai kai kusan kashi 85, dama da hagu su zauna fari. Idan murabba'in bai isa ya ɗauke kayan gaba ɗaya ba, a ƙara farin sarari a gefe. Kada a ja hoton a miƙe shi, domin zai sauya siffar kayan, kuma kada wani yanki nasa ya taɓa bakin hoton ko ya fita.

Sai batun rubutu. Wanda ya saba talla a WhatsApp da Instagram ya saba rubuta sunan shago da lambar waya da farashi a kan hoto. A babban hoto duk wannan haramun ne a kasuwannin da na ambata. Akwai wani rubutun da mutane ba su san yana nan ba: wayoyi da yawa suna manna sunansu ko kwanan wata a kusurwar kowane hoto. A shiga saitin kyamara a kashe Watermark. Haka nan duk abin da ba ya cikin cinikin kada ya fito. Idan hula ake sayarwa, carbi da agogon da aka ajiye a gefe don ado za su sa mai saye ya zaci da su zai samu.

Abu biyu ƙanana game da nau'in fayil. iPhone tana adana hoto a HEIC, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa. A cikin Settings, a shiga Camera, sannan Formats, a zaɓi Most Compatible. Wanda kuma ya kai hotonsa wurin masu zanen katin biki da kalanda, ya ce musu a fitar masa a RGB, domin sun saba aiki da CMYK na ɗab'i, wanda ke sauya launi a fuskar waya.

Hujjar kasuwa da kukan ɗan kasuwa

Kamfanonin suna da dalilinsu. Mai saye yana kallon kaya ashirin a ƙaramar fuskar waya, kuma idan duk bango ɗaya ne idonsa zai kwatanta kaya da kaya, ba darduma da darduma ba. Yawan fiksel yana ba shi damar zuƙowa ya ga ɗinki, tunda ba zai iya taɓawa ba. Hana lambar waya kuma, a faɗi gaskiya, yana kare kuɗin kamashon kamfanin ne, domin kada a kammala ciniki a waje.

Su ma 'yan kasuwa kukansu ba na banza ba ne. Wanda ke sayar da kayan masana'anta yakan samu hoto tsaf daga kamfanin da ya ƙera su. Mai ɗinka hula da mai haɗa turare kuwa babu wanda zai ba su, kowane kaya sai sun ɗauka da kansu, kuma hula goma zane goma ne, hoto goma. Nauyin ƙa'idar ya fi sauka a kan masu sana'ar hannu. Hana tambari ma yana nufin wani zai iya kwashe hoton da ka sha wahala a kai ya yi talla da shi. Abin da mutum zai iya yi shi ne ya adana asalin hotunansa masu cikakken girma, domin su ne shaidarsa idan ya kai ƙorafi. Sannan saƙon ƙin amincewa yakan zo a gajarce kuma da Turanci, mutum ya rasa wane sharaɗi ya karya, ya yi ta ƙona data yana sake ɗora abu ɗaya.

Duk da haka ina ganin ƙa'idar ta fi amfanar ƙaramin ɗan kasuwa fiye da cutar da shi. A kan farin bango, hular mai rumfa ɗaya a Wunti da ta babban kanti a Legas girmansu ɗaya a idon mai saye, babu wanda ke ganin faɗin shago. Haɗarin da na fi ji wa mutane tsoro shi ne wuce gona da iri wajen gyara. Wanda ya ɗaga haske don bango ya yi fari har shaddarsa mai ruwan ƙasa ta koma ruwan madara, hotonsa zai samu karɓuwa, amma mai saye zai buɗe ƙunshi ya ga wani launi daban, ya mayar da kaya, ya kuma rubuta ƙorafi a ƙarƙashinsa. Kafin a ɗora, a riƙe kayan a hannu kusa da fuskar waya a cikin hasken rana a kwatanta launin. Idan sun saɓa, a koma kan asalin hoton a gyara bangon kaɗai. Masu shirin kasuwar Sallah kuma su ɗauki hotunansu su ɗora tun da sauran makonni, saboda duk hoton da aka dawo da shi sai ya sake bin layin tantancewa daga farko.